Babi na Huɗu: Juyen Baƙin Mai a Ƙasar Zafi da Ƙura

"Wane mai zan zuba wa motata, mai kauri ko mai ruwa-ruwa?" Da wuya ka zauna a gareji na sa'a guda ba ka ji wani ya yi wannan tambaya ba. Amsar da aka fi bayarwa kuma ɗaya ce: "Alhaji, ƙasarmu akwai zafi, zuba mata mai kauri." Daga nan sai a miƙo galan ɗin 20W-50, ko motar tsohuwar Fijo ce, ko Corolla ce da ta sauka daga Kwatano jiya. Tambaya ta biyu tana biye da ta farko: bayan tafiyar kilomita nawa ake yin juye? Wani ya ce duk wata, wani ya ce sai mai ya yi baƙi, wani kuma ya ce na kamfani yana kai shekara.

Amsar tambayoyin nan biyu ba daga wuri ɗaya take fitowa ba, kuma a nan mutane da yawa suke ruɗewa. Injin motarka ne yake zaɓar kaurin man da ya dace da shi. Ƙura da irin tuƙin da kake yi su ne suke yanke ranar juye. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, sannan mu durƙusa ƙarƙashin mota mu yi juyen da hannunmu. Motar da za mu riƙa misali da ita ita ce Toyota Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008, mai injin 1ZZ-FE, saboda babu garin da ba za ka same ta ba daga Sakkwato har Maiduguri.

Lambobin da ke jikin galan

A cikin inji, ƙarfe ba ya gogar ƙarfe kai tsaye. Tsakanin karanshaf da mazauninsa akwai wata 'yar tazara da ba ta kai kaurin gashin kai ba, kuma famfon mai ne yake cusa baƙin mai cikinta, ƙarfen ya riƙa juyawa a kan man. Man nan kuma yana kwashe zafi daga fistin, yana wanke dattin ƙonewa ya riƙe shi har ranar juye. Idan ya yi ruwa da yawa, ƙarfe zai matse shi ya fita, a samu gogayya. Idan ya yi kauri da yawa, zai yi nawa wajen isa inda ake jiransa.

Matsalar ita ce kaurin mai ba ya tsayawa wuri ɗaya. Duk wanda ya san man shanu ya san haka: da sanyin hunturu sai an sa cokali an yanko shi, da rana a watan bazara kuwa zuba shi ake yi. Baƙin mai ma haka yake, shi ya sa ake rubuta lamba biyu a jikin galan, bisa ma'aunin ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE. Lamba ta farko, wadda harafin W yake biye da ita, tana nuna yadda man yake gudana lokacin da inji yake a sanyaye. Ƙaramar lamba, saurin gudu. Lamba ta biyu tana nuna kaurinsa lokacin da ya yi zafi, kuma ana auna ta ne a digiri 100 na ma'aunin Salshiyos.

Saboda haka 5W-30 da 10W-30 kaurinsu ɗaya ne idan inji ya ɗau zafi. Da safe kawai suka bambanta. Tsakanin 30 da 50 kuwa tazarar babba ce. A digiri 100, mai lamba 30 kaurinsa yana tsakanin 9.3 da 12.5 a ma'aunin da ake kira cSt, mai lamba 50 kuma yana tsakanin 16.3 da 21.9. Wato wanda ya bar 5W-30 ya koma 20W-50 ya ƙara wa man injinsa kauri fiye da rabi, ba ɗan ƙari kaɗan ba.

Zafin gari daban, zafin inji daban

Gaskiya ne a watan Afrilu zafin Sakkwato ko Maiduguri yakan haura digiri 40. Amma injin mota mai lafiya yana aiki ne da ruwan da zafinsa ya kusa digiri 90, baƙin man cikinsa kuma yakan kai 90 zuwa 110. Wannan zafi daga wutar da ke ci a cikin inji yake fitowa, kuma lagireto da fanka da tamostat su ne suke tsare shi kada ya wuce iyaka. Motar da ke Jos da wadda ke Nguru, idan duka injinansu sun yi zafi, bambancin zafin mansu bai kai bambancin zafin garuruwan ba. Zafin gari yana ɗaga zafin mai kaɗan, musamman a doguwar tafiya da kaya niƙi-niƙi da na'urar sanyi a kunne, amma ba ya mai da injin 5W-30 ya zama injin 20W-50.

To daga ina al'adar mai kauri ta samo asali? Tana da tushe. Fijo 504 da 505 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, da sauran motocin zamaninsu, an ƙera injinansu da tazara mai ɗan faɗi, kuma 20W-50 shi ne abincinsu. Manyan makanikai da suka koyi aiki a kansu sun koya wa yaransu abin da suka gani yana aiki. Sai dai injin ya canja. Na Corolla da muke magana a kai yana da tsarin VVT-i, wanda yake amfani da matsin baƙin mai wajen canja lokacin buɗewar bawul, ta wasu siraran hanyoyi da wata 'yar raga mai tace man. Irin wannan inji yana son man da zai ratsa ƙananan ƙofofi da sauri.

Kuma mafi yawan cin da inji yake yi wa kansa yana faruwa ne a tashin farko, kafin mai ya hau sama. Da asubar hunturu a Kano ko Zariya, lokacin da sanyi yake sa mutane jin wuta a bakin titi, 20W-50 yana da nauyi ƙwarai. Wannan 'yar ƙarar kaf-kaf da wasu motoci suke yi na 'yan daƙiƙu bayan an tayar da su da safe, sau da yawa ƙarar ƙarfen da yake jiran mai ce.

Wanne zan saya?

Fara da abin da maƙerin motar ya rubuta. Duba murfin da ake zuba mai a saman inji. A Corolla da aka shigo da ita daga Amurka za ka ga an rubuta 5W-30. Idan babu a murfi, yana cikin littafin mota. Wannan lambar ita ce mafari, kuma ga injin da ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, ita ce makoma.

Akwai lokacin da ya dace a ƙara kauri, amma taki ɗaya ake ƙarawa. Idan motar ta tsufa, ta ci kilomita dubu ɗari biyu da wani abu, ka ga geji yana sauka tsakanin juye da juye, ko kuma kullum tana kan babbar hanya da lodi a tsakiyar bazara, to 5W-40 ko 10W-40 ba laifi ba ne. Motocin baya-bayan nan da aka rubuta musu 0W-20, kamar Camry ƙirar 2012, idan za a ƙara musu kauri saboda wahalar aiki, 5W-30 ya isa. A bar 20W-50 ga tsofaffin injina da aka yi su dominsa, da kuma injin da ya riga ya gaji ana lallaɓa shi kafin a sauke shi.

A nan akwai abin da ya kamata a faɗa ƙarara. Injin 1ZZ-FE, musamman na shekarun farko, an san shi da shan mai idan ya tsufa, saboda ringin da ke share mai daga bangon silinda yakan maƙale da datti. Mai kauri yana iya rage hayaƙin salansa na ɗan lokaci, amma ba ya kwance ringin da ya maƙale. Ɓoye ciwo ne, ba magani ba.

Bayan kauri sai inganci. Nemi haruffan API a jikin galan. Na motar fetur yana farawa da S, kuma duk sa'ad da harafi na biyu ya yi gaba, man ya fi zama na zamani: SL ya fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020. Sabo yana maye gurbin tsoho, don haka Corolla ɗinmu za ta sha SL ko abin da ya fi shi. Galan ɗin da ka ga an rubuta SF ko SG, man motocin da ne. Man da ake kira sintetik ya fi na gargajiya jure zafi kafin ya lalace, kuma a ƙasa irin tamu wannan riba ce ta gaske. Amma duk wannan lissafi banza ne idan man jabu ne. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi ba ka san kaurinsa ba, ba ka san ko tsohon mai aka tace ba. Sayi rufaffen galan a gidan mai ko wurin dillalin da ka amince da shi, ka duba hatimin murfin da idonka. Mai babur kuma ya nemi wanda aka rubuta JASO MA, domin kulocin yawancin babura a cikin man inji yake wanka, kuma wasu mayukan mota suna sa shi santsi.

Ta ina ƙura take shiga?

Inji rufaffe ne, to yaya ƙura take kai wa ga mai? Ta hanci take shiga. Kafin inji ya ƙona lita ɗaya ta fetur, sai ya shaƙi iska kimanin lita dubu tara zuwa dubu goma. Duk wannan iska ta cikin filtar iska take bi, kuma ita kaɗai ce mai gadin ƙofa. Ƙurar hanya yashi ne da ya niƙu. Idan ta tsallake filta, sai ta manne a bangon silinda, ringi ya riƙa gurza ta sama da ƙasa, abin da ya rage ya gangara cikin mai. Filtar mai tana kama manyan ƙwayoyi, amma ƙananan suna wucewa, su yi ta zagaye inji suna cinsa a hankali. Babu man da tsadarsa za ta narkar da yashi. Hanya ɗaya ce ta fitar da shi, ita ce juye.

Shi ya sa wanda ya sayi mai mai tsada ya bar yagaggiyar filtar iska ya yi aikin baban giwa. Daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da iskar hunturu take kwaso ƙura daga Sahara, buɗe akwatin filtar kowane mako biyu. Ɗaga ta ka kalli rana ta cikinta. Idan haske ba ya ratsawa, ko ka ga huda, ko robar gefenta ta tsage, canja ta. Kada ka yarda a hura mata iska mai ƙarfi ta injin faci, domin tana yaga takardar ta inda ido ba ya gani. Sannan ka shafa yatsa cikin bututun da ya tashi daga akwatin zuwa inji. Wurin nan ya kamata ya kasance tas. Idan yatsanka ya fito da jar ƙasa, to ƙura tana shiga, ko ta filta, ko ta tsagewar bututu, ko ta murfin da bai kama ba.

Bayan kilomita nawa?

Littafin mota yakan zo da jadawali biyu: na tuƙin yau da kullum da na tuƙin wahala. Abubuwan da ake lissafawa a tuƙin wahala su ne bin hanya mai ƙura, gajerun tafiye-tafiye da ba su kai kilomita takwas ba, barin inji yana aiki mota na tsaye, da jan kaya masu nauyi. Wanda yake zaune a unguwar da ba kwalta, yana kai yara makaranta ya dawo, yana tsayuwa a cunkoso da na'urar sanyi a kunne, ya haɗa uku cikin huɗu. Jadawalin wahala shi ne namu. Camry ɗin da aka ce tana iya kai mil 10,000 da man sintetik, littafinta da kansa ya rage mata zuwa mil 5,000 ko wata shida idan hanyar mai ƙura ce.

Ma'aunin da zan ba mai ƙaramar mota a Arewa shi ne kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Da man sintetik na gaske, da filtar iska mai kyau, da tafiya wadda yawancinta kan kwalta ce, ana iya kaiwa 7,500 zuwa 8,000. Kuma ka lura da abu ɗaya da yake cutar mutane da yawa: motar da ta fito daga Amurka da mil take ƙirga tafiya, ba da kilomita ba. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Wanda ya jira agogonta ya ƙara 5,000 ya riga ya yi tafiyar kilomita 8,000. Kilomita 5,000 a irin wannan agogo kimanin mil 3,100 ne.

Mu ɗauki Corolla biyu iri ɗaya. Ta farko ta ma'aikaci ce a cikin Kano, gidansa da ofis kilomita biyar, da 'yan zirga-zirgar kasuwa da zumunci, abin da yake yi a wata bai wuce kilomita 400 ba. Idan ya ce sai ya cika 5,000, zai haura shekara bai yi juye ba. Alhali manta ya fi wahala, domin injin ba ya daɗewa da zafi har ya ƙone raɓar ruwa da ɗigon fetur da suke taruwa a cikinsa, sai su haɗu da datti su zama baƙin kunu mai toshe hanyoyi. Wannan mutum kalanda zai bi, ba agogon mota ba: sau biyu a shekara, ɗaya a ƙarshen hunturu don a zubar da ƙurar da aka tara kafin zafin bazara, ɗaya kuma bayan damina.

Ta biyu ta haya ce, tana Kano zuwa Kaduna ta dawo kullum, kimanin kilomita 460. A kwana goma sha ɗaya ta cika 5,000. Tafiyarta ta fi sauƙi ga mai, tun da injin yana zafi daidai kuma gudunsa bai cika canjawa ba, don haka da sintetik direban zai iya yin juye duk bayan kwana goma sha shida ko sha bakwai. Shi agogo zai bi, kuma shi ne ya fi bukatar duba geji kowace safiya.

Launi kuwa ba alƙali ba ne. Mai mai kyau yakan yi duhu da wuri saboda yana kwashe datti, wato yana aikinsa. Man injin dizal ma cikin 'yan kwanaki yake komawa baƙi ƙirin.

Juye a gida, mataki-mataki

Tanadi kayanka kafin ka taɓa mota: baƙin mai, sabuwar filtar mai, sabuwar washa ta notin juye, sufana mai lamba 14 wadda take zagaye kan noti gaba ɗaya, abin kwance filta, mazurari, tsumma, safar hannu, da roba mai faɗi da za ta ɗauki lita shida. Injin 1ZZ-FE yana shan lita 3.7 zuwa 4.2 tare da filta, gwargwadon shekarar motar, don haka galan mai lita biyar zai ishe ka har da ragowar ciko. Zaɓi wuri mai shimfiɗe, da safe, lokacin da iska ba ta tashi ba, kada ƙura ta faɗa cikin buɗaɗɗen inji.

Tayar da mota ta yi minti biyar, man ya yi ɗumi ya saki jiki, sannan ka kashe. Idan daga doguwar tafiya ka dawo, jira rabin sa'a, domin mai a digiri 100 yana saɓule fata. Ja birkin hannu, ka tokare tayoyin baya. Ɗaga gaban motar da jak, ka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe da aka yi don wannan aiki, ko ka hau da ita kan katako mai kauri. Kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita, kuma kada ka dogara da bulon siminti, domin yana rugujewa ba tare da gargaɗi ba. Jiki magayi, amma a nan ba a samun damar ba da labari.

Buɗe murfin sama don man ya sauka da sauri. A ƙasa, nemi kaskon da mai yake taruwa a gindin inji, da notinsa guda ɗaya. Tabbatar na inji ne, ba na giya ba, domin suna maƙwabtaka. Idan ka kwance ka ga jan mai yana fita, man giya ne, mayar da sauri. Sassauta notin da sufana, ka ƙarasa da yatsu kana danna shi ciki, sai a zagayen ƙarshe ka fizge hannunka. Man zai fara yin tsalle nesa kafin ya dawo ƙasa, don haka ka sa robar ta ɗan yi gaba. Ba shi minti goma ya tsiyaye.

Goge wurin, sa sabuwar washa, ka mayar da notin da yatsu har ya zauna, sannan ka ɗaure da sufana. Ma'aunin ɗaurinsa a wannan inji kusan 37 N·m ne, wato ɗauri mai kyau na hannu ɗaya da gajeriyar sufana. Ba a sa masa bututu a ƙara ƙarfi, ba a taka shi da ƙafa. Yawancin kaskon da ke ɗiga a garuruwanmu ɗaurin ganganci ne ya cinye musu zare.

Koma kan filta. Matsar da robar ƙarƙashinta, domin cike take da mai. Bayan ka kwance ta, duba ko baƙar robar bakinta ta fito tare da ita. Wani lokaci takan manne a jikin inji, kuma idan aka ɗora sabuwa a kanta, roba biyu ba sa riƙe matsi: mota tana hawa titi man zai tsiyaye gaba ɗaya. Shafa sabon mai da yatsa a robar sabuwar filtar, ka murɗa ta da hannu har robar ta taɓa ƙarfe, sannan ka ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye. Shi ke nan. Duk juye da sabuwar filta yake tafiya. Wanda ya bar tsohuwa ya bar dattin jiya a cikin sabon mai.

Sauke motar ta tsaya daidai. Zuba lita uku da rabi, ka rufe murfi, ka tayar da inji ba tare da ka taka totur ba. Jar fitilar mai da ke gaban direba ta mutu cikin 'yan daƙiƙu. Idan ta kai daƙiƙa goma tana ci, kashe inji ka bincika. Leƙa ƙasa ka ga ko noti ko filta na ɗiga. Kashe, jira minti biyar, zaro geji ka goge, ka mayar har ƙarshe, ka sake zarowa. Yi ciko kaɗan-kaɗan har man ya kusa alamar sama. Kada ka wuce ta da sunan ƙauna, domin idan mai ya yi yawa karanshaf yana kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuma ba ta raba ƙarfe da ƙarfe. Daga ƙarshe rubuta kwanan wata da lambar agogo da irin man a ɗan littafi, ka ajiye a mota.

Kafin ka zubar da tsohon mai

Kai robar cikin rana ka kalle ta, domin tana ɗauke da labarin injinka. Idan man ya koma fari-fari kamar shayi da madara, ruwan lagireto yana shiga cikinsa, kuma galibi gasket ɗin kan inji ne ya ƙone. Idan yana warin fetur sosai kuma ya yi ruwa tsululu, fetur na zuba fiye da kima ko wani fulogi ba ya ba da wuta. Idan ka ga ƙyalƙyali kamar garin ƙarfe a gindin robar, inji ya fara cin kansa, kuma gara bakanike ya gani tun kafin ya buga. Idan ka murza tsakanin yatsu ka ji tsakuwa-tsakuwa, koma ka binciki hanyar iska. Auna kuma yawan abin da ya fito: wanda ya zuba lita huɗu ya kwashe biyu da rabi, injinsa yana shan mai, dole ya riƙa duba geji kowane mako.

Juye tsohon man cikin galan ɗin da ya zama fanko, ka rufe, ka kai wa masu juye ko gareji da ke tara shi. Kada a zuba shi a kwata ko a ƙasa, domin yana bin ruwa ya gurɓata rijiya. Kada kuma a shafa shi a ƙurji ko a jikin dabba. Yana ɗauke da gubar ƙonewa, kuma yawan taɓa fata da shi yana da alaƙa da ciwon dajin fata. Wanke hannunka da sabulu da zarar ka gama.

Duk abin da muka faɗa game da kaurin mai ya rataya ne a kan sharaɗi ɗaya: inji yana riƙe zafinsa daidai. Idan lagireto ya toshe, ko an cika shi da ruwan rijiya, ko an cire tamostat an jefar kamar yadda ake yi wa motoci da yawa da zarar sun shigo ƙasar nan, lissafin ya canja. A babi na gaba za mu buɗe wannan ɓangare, mu ga yadda inji yake sanyaya kansa da abin da cire tamostat yake jawowa. Kafin nan, je ka karanta lambar da ke kan murfin man motarka, ka kuma duba ko agogonta da mil yake ƙirga ko da kilomita.